Baffan yarana ne ke riƙe da gadonsu, shekara huɗu ba lissafi

Assalamu alaikum. Maigidana ya rasu shekara huɗu da suka wuce, ya bar ni da yara biyu, namiji mai shekara 9 yanzu da mace mai shekara 6. Iyayensa sun riga shi rasuwa, kuma ni kaɗai ce matarsa. Ya bar gidan haya da ake karɓar miliyan 1 da dubu 200 a shekara, da gona, da kuɗi miliyan 2 da dubu 400 a banki. Yayansa ne ya karɓi komai, ya ce zai riƙe wa yara har su girma. Yaran suna hannuna. Yana aiko mana dubu 30 duk wata, yana biyan kuɗin makaranta, amma duk ranar da na tambayi lissafi sai ya ce ina zarginsa, har ya taɓa cewa zai karɓe yaran. Yanzu na ji yana neman mai sayen gonar. Ina da ikon neman lissafi? Me zan nema, kuma ta wace hanya, ba tare da na ɓata zumunci ba?

Maman marayu biyu

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya jiƙan maigidanki, ya raya abin da ya bari. Kina da iko, kuma ikon naki ya fi yadda kike zato faɗi. Amma kafin maganar lissafi akwai tambaya ɗaya da nake so ki samo amsarta a makon nan, domin komai a kanta yake tsaye: wa ya ɗora Yaya a kan wannan dukiya?

Mutane da yawa sun ɗauka cewa da uba ya rasu, riƙon dukiyar 'ya'yansa yana komawa hannun ɗan'uwansa kai tsaye. A fiƙihu ba haka ba ne. A mazhabar Malikiyya, waliyyin dukiyar yaro shi ne ubansa, sai wasiyyin da uban ya naɗa kafin rasuwarsa, sai alƙali ko wanda alƙali ya naɗa. Hanafiyya da Shafi'iyya sun sa kaka na wajen uba a cikin jerin, amma a mazhabobin nan huɗu babu wadda ta ba baffa wannan matsayi don kawai shi baffa ne. Saboda haka Yaya yana cikin ɗayan hali uku. Ko dai marigayi ya yi masa wasiyya, da rubutu ko a gaban shaidu, ko kuma kotu ta naɗa shi akwai takarda, ko kuwa dangi ne suka zauna bayan rasuwa aka ce ya riƙe. Daga yadda kika ba da labari, na fi zaton na ukun ne. Mai wannan hali ana ƙyale masa ƙananan abubuwa na yau da kullum da maslahar yara ta buƙata, kamar karɓar haya da biyan makaranta, amma ba shi da hurumin sayar da gona ko gida da kansa. Wannan sai alƙali.

Ko da ma wasiyyi ne na gaskiya, ƙasar maraya ba a sayar da ita don an ga dama. Malamai sun lissafa dalilan da ke halatta hakan: a rasa abin ciyar da yaran sai an sayar, ko akwai bashin mamaci da ba wata hanyar biyansa, ko an taya da kuɗin da ya zarce ƙimarta sosai, ko ba ta kawo komai za a musanya ta da wadda ta fi, ko ana tsoron lalacewarta ba kuɗin gyara. Idan alƙali ne zai sayar, sai an tabbatar masa cewa gonar ta marayun ce, cewa ita ce ta fi cancantar a sayar a cikin abin da suka mallaka, an kai ta kasuwa an jira tayi, kuma kuɗin da aka bayar ya kai. Gidan da ke kawo haya duk shekara, ga kuɗi a ajiye, da wuya a ce yaranki suna cikin buƙatar da za ta sa a taɓa gona. Ki kuma tuna cewa kina da tumuninki a cikinta, kuma ke baliga ce mai hankali, ba wanda zai sayar da rabonki sai da yardarki. Wannan batu na gona shi ne na gaggawa, zan dawo kansa.

Bari mu fara da rabon kansa, don ki san abin da kike nema. Bayan an fitar da kuɗin jana'iza da bashi da wasiyya idan akwai, matar da mijinta ya bar 'ya'ya tana da ɗaya bisa takwas. Sauran na yaran ne, namiji rabo biyu, mace rabo ɗaya. Idan aka kasa dukiyar kashi 24, ke kina da 3, ɗanki 14, 'yarki 7. Yaya ba shi da ko kashi ɗaya, domin ɗa namiji yana katange 'yan'uwan mamaci daga gado. A cikin kuɗin banki kaɗai, naki dubu 300 ne, na ɗanki miliyan 1 da dubu 400, na 'yarki dubu 700. Idan har yau ba a ba ki naki ba, to wannan ƙofa ce mai sauƙin shiga. Ba wanda zai ce kina zarginsa don kin nemi haƙƙin kanki, kuma ba yadda za a fitar da tumuni sai an ƙidaya dukiyar gaba ɗaya an san yawanta.

Lissafin da za ki nema yana da sassa uku. Na farko shi ne abin da ya shiga hannunsa tun ranar farko: takardun gida da na gona da sunan da ke kansu, bayanan asusun marigayi daga banki da ke nuna nawa ne a ciki ranar rasuwa da ranar da aka cire, basukan da marigayi ke bi da waɗanda ake bin sa, da shaidar biyan duk wanda aka ce an biya. Na biyu shi ne abin da dukiyar ta haifar: hayar kowace shekara da sunayen 'yan haya da rasiɗansu, da abin da gona ta bayar, ko noma ta aka yi ko haya aka ba da ita. Na uku shi ne abin da ya fita, kowanne da ranarsa da dalilinsa. Idan aka cire na uku daga na farko da na biyu, abin da ya rage dole ne ya zama wani abu da za a iya nunawa da yatsa, kuɗi a asusu ko kadara mai takarda. "Suna nan" ba amsa ba ce, sai an ce ga su a wuri kaza.

Mu gwada da hayar gidan, tunda ita muka san adadinta. Shekara huɗu, miliyan 4 da dubu 800 ke nan. A ce ya yi gyaran rufi da fenti na dubu 480, ya kawo rasiɗi. Wannan daga haɗaka ake cire shi, tunda gidan na ku uku ne. Saura miliyan 4 da dubu 320. Raba shi 24, kowane kashi dubu 180. Naki dubu 540, na ɗanki miliyan 2 da dubu 520, na 'yarki miliyan 1 da dubu 260. To sai abin da aka kashe wa yara. Dubu 30 na wata 48 ya kama miliyan 1 da dubu 440. A ce makaranta tana cin dubu 200 a shekara, dubu 800 ke nan. Jimilla miliyan 2 da dubu 240. Idan aka ce kowane yaro ya ci rabi, wato miliyan 1 da dubu 120, ɗanki yana da sauran miliyan 1 da dubu 400, 'yarki kuwa dubu 140 kacal. Haɗa da naki, ya kamata a ce akwai miliyan 2 da dubu 80 na haya a hannun Yaya yau, ban da kuɗin banki, ban da amfanin gona. Na sa adadin gyara da na makaranta ne don misali, ki sa na gaskiya a gurbinsu.

Ki dubi ragowar 'yarki da kyau. Abin da ya sa nake nacewa a yi wa kowane yaro shafinsa daban ke nan. Ciyarwarsu kusan ɗaya ce amma rabonsu ba ɗaya ba ne, saboda haka nata yana saurin ƙarewa. Idan aka bar kuɗin a tukunya ɗaya shekara goma, ranar miƙawa ba wanda zai iya cewa ga na wane, kuma rigimar da kike gudu da baffa sai ta koma tsakanin wa da ƙanwa. Ki kuma tambayi Yaya tun yanzu, dubu 30 ɗin nan na yara ne zalla ko yana lissafa wani abu a ciki a matsayin rabonki? Sau da yawa sai a ƙarshe uwa take jin cewa ai tumuninta ta cinye shi a kuɗin wata.

Akwai hukunci ɗaya da ya dace da halinki sosai, kuma yana cikin Risala ta Ibn Abi Zaid. Waliyyin marayu shi ne zai kawo shaida cewa ya ciyar da su ko ya miƙa musu dukiyarsu. Idan suna zaune a hannunsa ne, ana gaskata shi a kan ciyarwa gwargwadon abin da hankali zai ɗauka, domin ba zai yiwu mutum ya kira shaidu duk ranar da ya ciyar da yaro ba. Yaranki kuwa a ɗakinki suke. Duk abin da ya ce ya kashe musu, ko dai ya bi ta hannunki, ko ya tafi makaranta ko asibiti, kuma kowanne yana barin sawu. Idan ya ce ya kashe miliyan uku a hidimar yara, ba ke ce za ki tabbatar da cewa bai kashe ba. Shi ne zai nuna. Wannan ma ya ɗora miki nauyi: ki zauna ki rubuta duk abin da kika karɓa daga hannunsa tun farko, wata bayan wata, har da kayan da ya kawo ba kuɗi ba, kada ki rage ko ɗaya. Saƙonnin shigar kuɗi da ke wayarki ki adana su. Alƙali yana saurin gane wanda ya zo da gaskiya a rubuce, kuma idan kika fara da ambaton alherin da ya yi, maganarki a kan sauran tana ƙara nauyi.

Wasu abubuwa ba sa shiga lissafin yara ko da an yi su da kyakkyawar niyya. Sadakar da aka yi wa mamaci, taimakon da aka ba wani ɗan'uwa, bashin da aka ranta wa aboki, hidimar gidan baffan kansa, duk waɗannan ba a ɗora su a kan rabon maraya, domin waliyyi ba shi da ikon yin kyauta da abin da ba nasa ba. Wanda ya yi, ya biya daga aljihunsa. Zakka kuwa tana shiga, domin a wajen Malikiyya dukiyar yaro ana fitar mata da zakka idan rabonsa shi kaɗai ya kai nisabi kuma ya shekara, biyu da rabi cikin ɗari, sai dai a rubuta shekarar da adadin. Game da ladan wahalarsa, aya ta 6 a Suratun Nisa'i ta ce mawadaci ya kame, matalauci ya ci gwargwadon abin da aka sani na adalci. Idan Yaya yana ganin karɓar haya da kula da gona suna cin lokacinsa, hanya ita ce a yanka masa lada sananne a gaban alƙali, ba ya ɗiba da kansa sannan ya faɗa daga baya ba.

Kuɗin banki su ne inda na fi jin tsoro, domin tsabar kuɗi ba ta da takarda kamar gida. Abin da aka fi ji shi ne, "Na sa su a kasuwa ina juya musu." Juya dukiyar maraya abu ne da aka yarda da shi, har an ruwaito daga Sayyidina Umar cewa a yi kasuwanci da ita kada zakka ta cinye ta. Amma sai ki nemi ya faɗi ɗaya cikin biyu. Idan don yaran ya juya, to ina littafin, wane kaya aka saya, nawa aka samu kowace shekara, ina ribar? Idan kuwa cikin jarinsa ya zuba su ba tare da rarrabewa ba, to sun zama bashi a wuyansa, zai biya su cif ko kasuwa ta yi kyau ko ba ta yi ba. Abin da ba a karɓa shi ne a haɗa biyun, shekarun riba a yi shiru, shekarar asara a ce kuɗin marayu ne suka tafi. Amintacce ba ya biyan abin da ya salwanta ba da laifinsa ba, kamar gobara ko fashi da aka tabbatar, amma yana biyan abin da ya ɓace ta hanyar sakaci ko ƙetare iyaka, kuma cakuɗa kuɗin maraya da naka har a kasa rarrabewa yana cikin sakaci.

Ba na so ki shiga wannan magana da yaƙinin cewa ya ci. Da yawa daga masu riƙon irin wannan dukiya ba ɓarayi ba ne, mutane ne da ba su rubuta komai ba, shekaru suka ja, yanzu kunya da tsoro suka sa tambaya take musu zafi. Irin wannan idan aka ba shi hanya yakan zauna a gyara. Alamun da ke nuna abin ya wuce sakaci daban ne: sunan da ke takardar gida ko gona ya canza, an sayar wa kansa ko ɗansa ko surukinsa wani abu na gadon, adadin da ya faɗa bara ya saɓa da na bana, an hana 'yan haya magana da ke, ko kuma duk lokacin da aka tambayi kuɗi sai a koma barazanar karɓe yara.

Kan wannan barazana, ki kwantar da hankalinki. Rainon yaro daban, riƙon dukiyarsa daban. A Malikiyya uwa ce ta fi kowa haƙƙin raino, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. Idan haƙƙin uwa ya faɗi, misali ta auri wanda ba muharramin yaran ba, kakarsu ta wajen uwa ce ke biye, baffa yana can nesa a jerin. Neman lissafi ba ya cikin abubuwan da ke kayar da raino.

To ta yaya za ki fara? Kada ki tafi ke kaɗai, kada kuma ki fara da kalmar "ina kuɗin". Ki sami mutum biyu da yake jin nauyinsu, ɗaya daga danginki, ɗaya daga nasa, da malami wanda ya san rabon gado. Abin da za a ce masa shi ne ana so a raba gado a rubuce, a fitar miki da tumuninki, a kuma rubuta na kowane yaro, domin rai ba a hannun kowa yake ba. Wannan hujja gaskiya ce, kuma tana kare shi kamar yadda take kare yaran. Idan ya rasu gobe ba rubutu, kuɗin marayu za su shiga cikin gadonsa, 'ya'yansa su raba abin da ba nasu ba, ko kuma a bi su bashin da ba su san yawansa ba. A ba shi lokaci sananne, kamar wata ɗaya, ya haɗa takardunsa. A zaman kuma a nemi ya faɗa a gaban kowa cewa ba za a sayar da gona ba.

Idan aka daidaita, a rubuta, kowa ya sa hannu, shaidu biyu su sa, a kai wa alƙali ya tabbatar don kada ta zama takardar cikin gida kawai. Ki nemi a sa abubuwa kaɗan amma masu ƙarfi: asusun banki da sunan kowane yaro wanda ba a cire kuɗi sai da sa hannun mutum biyu, hayar gida ta riƙa shiga asusu kai tsaye a maimakon hannu, ainihin takardun gida da gona su zauna inda aka amince kowa da kwafinsa, sannan lissafi sau ɗaya a shekara a wata sananne. Idan an gano akwai giɓi, a rubuta shi a matsayin bashi da lokacin biya. A nan ne za a matsa miki da "a yi haƙuri, a yafe." Kina iya yafe dubu 540 ɗinki idan ranki ya so. Na yaran kuwa ba ki da ikon yafe ko sisi, dattawan ma ba su da shi, yaran kansu ma yafiyarsu ba ta zama sai sun balaga sun yi hankalin riƙon dukiya. Kada ki sa hannu a kan duk takardar da ta ce an gama lissafi ba sauran haƙƙi, alhali ba ki ga adadi ba.

Idan ya ƙi zama, ko lokacin ya wuce ba komai, ko kika ji an fara zagayawa da masu saye a gona, ki tafi kotun da ke sauraron shari'ar gado a inda dukiyar take, kada ki jira. Dakatar da ciniki kafin a yi shi ya fi warware shi sauƙi nesa ba kusa ba, musamman idan mai saye ya riga ya fara gini. Abu huɗu za ki roƙa: a hana taɓa gona da gida har a gama shari'a, a ƙidaya gadon a raba, a tilasta masa kawo lissafi da shaidunsa, sannan a duba ko ya cancanci ci gaba da riƙo. Alƙali yana da ikon tsige ko da wasiyyin da uba ya naɗa idan ha'inci ya tabbata, yana da ikon barinsa ya haɗa masa mai sa ido idan rauni ne kawai, kuma yana iya naɗa ki ke kanki, domin shari'a ba ta hana mace riƙon dukiyar maraya ba. Idan aka naɗa ki, duk abin da na lissafa a sama ya dawo kanki, har da rasiɗi da lissafin shekara.

Ki tafi da shaidar rasuwa, shaidar aurenku, takardun haihuwar yara, duk kwafin takardar gida ko gona da kike da shi, lambar asusun marigayi, littafin abin da kika karɓa, da sunayen mutanen da suka halarci zaman da aka damƙa masa dukiyar. Idan akwai ɗan haya da ya daɗe a gidan, ki san sunansa, domin rasiɗansa na shekara huɗu za su tabbatar da adadin hayar ko da Yaya bai kawo nasa ba.